Sabuwar talabijin, amma fim sai tsayawa yake yi

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi sabuwar talabijin Hisense mai inci 55, irin mai shiga intanet, na kafa ta a falo. Rautar da nake sa wa layi tana ɗakina, bango biyu ne tsakaninta da falon. Yarona ya haɗa ta da wayfai, YouTube na buɗewa, amma bayan 'yan mintoci sai hoton ya tsaya, ɗan zoben nan ya yi ta juyawa. Netflix kuwa ban ma san yadda ake shigarsa ba. A wayata cikin ɗaki komai lafiya lau. Talabijin ɗin ce ba ta da kyau, ko layi zan canza?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka mayar da talabijin, kada kuma ka sayi sabon layi tukuna. Zargina ya fi ƙarfi a kan bangayen nan biyu, amma zargi ba hujja ba ne, kuma akwai awon da za ka yi da wayar hannunka wanda zai raba gardama ba tare da ka kashe ko sisi ba.

Mu fara sallamar batun saiti, don shi ne mai sauƙi. Danna maɓallin Home a rimot, ka shiga Settings, sai Network, sai Network Configuration. Nan za ka ga sunan wayfai ɗin da take kai. Sunayen kan ɗan bambanta daga wannan samfuri zuwa wancan, amma duk hanyar ɗaya ce. Tunda kana cikin Settings ɗin, yi abu biyu kafin ka fita. Na farko, duba kwanan wata da agogo, ka bar su a kan saitin da talabijin ke ɗauko lokaci da kanta daga intanet. Mutane na raina wannan, alhali idan kwanan watan ya kauce, manhaja kan ƙi buɗewa gaba ɗaya, domin tana duba takardar shaidar tsaro ta shafin da za ta shiga, takardar kuwa tana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Na biyu, nemi System Update ka bar ta ta sabunta kanta. Ka yi wannan lokacin da kake da tabbacin wuta, ko a kan inbata, don ba a son wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabuntawa.

Netflix yawanci yana zuwa a shirye cikin irin wannan talabijin, sau da yawa ma da maɓallinsa a jikin rimot. Idan ka buɗe ka zaɓi Sign In, zai nuna maka wani zane mai kusurwa huɗu wanda ake haskawa da kyamarar waya, ko ya ba ka lamba da adireshin da za ka shigar da ita. Bi ta wayar, ya fi ka zauna kana tsintar harafi ɗaya-ɗaya da rimot. Sai dai dole ka riga ka buɗe asusu ka biya kuɗin wata, wannan kuma a waya ko kwamfuta ya fi sauƙin yi. YouTube ma haka ake shigarsa da asusunka na Google, ko da yake yana aiki ko ba ka shiga ba.

To, zoben da ke juyawa. Talabijin ba ta nuna maka fim a daidai lokacin da yake isowa. Tana ɗebo shi gutsure-gutsure, ta tara na daƙiƙoƙi masu zuwa a ma'ajiyarta, daga nan take nunawa. Kamar tankin ruwa ne da ake cika shi ta sama ana ɗiba ta ƙasa: muddin abin da ke shiga ya fi abin da ke fita, ba ka ma san da tankin ba. Idan shigar ta gaza fitar, sai ya riƙa raguwa har ya ƙafe. Kafin ya ƙafe manhajar kan yi dabara ta rage kyan hoton, shi ya sa wani lokaci za ka ga fuskokin mutane sun dusashe. Idan hakan bai wadatar ba, sai ta tsayar da fim ɗin ta jira. Wannan ne dalilin da ya sa yake farawa lafiya ya tsaya bayan 'yan mintoci, kuma shi ne dalilin da ya sa wasan ƙwallon da ake nunawa kai tsaye ya fi saurin sarƙewa, domin ba a iya tara abin da bai faru ba tukuna.

Gudun da ake buƙata bai kai yadda mutane ke zato ba. Netflix sun ce megabit 3 a daƙiƙa ya isa hoto mai 720p, 5 ya isa 1080p, 15 kuma ya isa 4K. YouTube sun ce 2.5 don 720p, 5 don 1080p, 20 don 4K. Abin lura shi ne a bakin talabijin ake son wannan gudun, kuma ya dawwama. Gudun da ke kaiwa 20 yanzu ya faɗo 1 an jima ya fi 6 tsayayye ba da wahala.

Kafin fim ya iso falonka yana bin zango biyu. Zangon farko daga turken kamfanin waya zuwa rautar da ke ɗakinka. Zango na biyu daga rautar zuwa talabijin, wannan shi ne wayfai. Alamar da mai kallo ke gani iri ɗaya ce ko wanne ne ya gaza, amma maganinsu daban. Wanda matsalarsa ke zango na biyu, ko layi goma ya canza yana nan inda yake. Wanda tasa ke zangon farko, ko ya sayi na'urar ƙara wayfai mafi tsada ya yi asarar kuɗinsa. Don haka aikinka na farko shi ne ka gano gurgun a cikinsu.

Ga awon. Ka yi shi da daddare, daidai lokacin da abin ya fi damunka. Kashe datar wayarka don ka tabbata a kan wayfai take, ka tsaya dab da rautar, ka buɗe fast.com a burauza. Shafin Netflix ne, da kansa yake fara awo ya ba ka lamba da Mbps a gefenta, wato megabit a daƙiƙa. Maimaita sau biyu ko uku ka rubuta. Sannan ka tafi falo, ka ɗora wayar a jikin talabijin ɗin, ba a kan kujerar da kake zama ba, ka sake aunawa. Idan kusa da rauta ka samu 20, a jikin talabijin kuma 2, to wayfai ne. Idan ko a jikin rautar 2 ko 3 kake samu, wayfai ba shi da laifi, sabis ne ko cunkoso.

Talabijin ɗin ma tana iya faɗa maka da bakinta. A Netflix shiga Get Help, ka zaɓi Check your network, zai nuna gudun da ke iso ta. A YouTube kuwa, fim yana tafiya ka danna alamar saiti ka kunna Stats for nerds. Wani ɗan akwati zai fito da rubutu. Layi biyu kawai za ka kalla: Connection Speed, da Buffer Health, wato daƙiƙa nawa na fim ke tare a ma'ajiya. Zauna ka zuba wa na biyun ido. Idan ka ga yana saukowa, 20, 12, 5, ka san zoben na hanya tun kafin ya bayyana. Ni wannan awon na fi yarda da shi a kan na waya, saboda eriyar da ke cikin talabijin daban take da ta waya, ga shi kuma talabijin manne take da bango, bayanta cike da ƙarfe.

Idan kana son ganin ƙarfin siginar kanta, sauke ɗaya daga cikin manhajojin da ake kira WiFi Analyzer a wayar Android. Suna ba da lamba mai alamar ragi a gabanta, da dBm a bayanta. Idan ka ajiye alamar ragin a gefe, ƙaramar lamba ita ce mai kyau. -50 sigina ce mai ƙarfi, wajen -67 shi ne iyakar da masu aikin ke so don bidiyo, -70 an fara rauni, -80 kuwa sunan haɗuwa kawai aka yi. Kada tazarar lambobin ta ruɗe ka. Duk ragin 10 yana nufin ƙarfin ya ragu ninki 10, saboda haka daga -50 zuwa -70 ninki 100 ne. Sandunan nan uku ko huɗu da talabijin ke zanawa ba sa nuna wannan, tana iya ba ka sanda biyu alhali siginar na gargara.

Bari in ba ka misalin wani gida da na yi wa aiki, don fasalinsa kusan irin naka ne. Rautar tana ɗakin maigida, an ajiye ta a ƙasa, a lungu tsakanin sif da bango, saboda nan soket yake. Sif ɗin ga babban madubi a ƙofarsa. Daga nan sai bangon bulo mai inci 9, sai baranda, sai wani bangon, sannan talabijin a cikin katakon ado da aka yi mata a falo. A jikin rauta na samu -45 da megabit 22. A jikin talabijin -76 da megabit bai kai 3 ba, yana hawa yana sauka. Maigidan ya riga ya sayi layi na biyu, har yana maganar na uku. Abin da na fara yi kawai shi ne na nemo dogon soket, na ɗauke rautar daga ƙasa na ɗora ta a saman sif, kusa da ƙofar da ke kallon barandar. Siginar ta koma wajen -66, gudun ya haura 10, YouTube ya riƙe 1080p bai tsaya ba. Ba a sayi komai ba.

Dalilin kuwa shi ne wayfai na ratsa katako da labule cikin sauƙi, bulon siminti na cin sa sosai, kankare mai rodi kamar na dakin bene ya fi ci, ƙarfe kuma mayar da shi yake yi baya. Madubi ma ƙarfe ne ta wannan fuskar, don bayansa shafe yake da shi. Ƙofar ƙarfe, firij, tankin ruwa, duk shinge ne. Har ila yau idan siginar ta ratsa bango a karkace, kaurin da take ketawa ya fi wanda za ta keta in ta shiga kai tsaye. Don haka ka ɗaga rautar sama da kan mutum, a fili, inda bangon da ke tsakaninta da talabijin ya fi ƙaranci. Idan tana da eriya a waje ka miƙar da su sama. Kada kuma ka ce za ka ɓoye ta a bayan talabijin don kwalliya, nan ne wuri mafi muni a duk falon.

Sai dai akwai inda rautar layi ta bambanta da ta masu intanet na kebul, kuma nan ne shawarar "matso da ita kusa" ke iya ba ka kunya. Rautarka aiki biyu take yi: tana sauraron turke, tana kuma magana da talabijin. Wurin da ya fi mata jin turke yawanci bakin taga ne ta ɓangaren da turken yake. Kana iya kawo ta tsakiyar falo ka ga wayfai ya cika fal, amma gudun ya faɗi, saboda yanzu ita ce bangaye da kwanon rufi suka tare. Shi ya sa duk inda ka matsar da ita sai ka sake awon nan biyu. Idan kana son lamba, shiga shafin saitin rautar ta burauza. Adireshin na rubuce a takardar da ke manne a ƙarƙashinta, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. A shafin bayanin na'ura da yawansu kan nuna RSRP, wato ƙarfin siginar turke. Wajen -90 ko abin da ya fi haka kyau ya yi. Idan ya kai -110, rautar da kyar take ji.

Idan wurin da ya dace da turke bai dace da talabijin ba, to kebul ne magani, kuma ni ko da ma sun dace shi nake zaɓa wa duk abin da ba ya motsi. Duba bayan talabijin za ka ga rami mai suna LAN, a bayan rautar ma akwai irinsa. Kebul ɗin da ake kira Cat5e ko Cat6 yana kai mita 100 ba tare da gudun ya ragu ba, kai kuwa da wuya ka buƙaci fiye da 20. Auna tsawon ta hanyar da zai bi, ka ƙara ɗan rara, masu kayan kwamfuta za su yanka maka su matse kawunan. A bi da shi ta silin ko gefen bango, kada a lanƙwasa shi da ƙarfi ko a matse shi da ƙofa. Ka soka, ka koma Network Configuration ka zaɓi Ethernet. Za ka ji wasu na cewa ramin yawancin talabijin megabit 100 kawai yake ɗauka. Gaskiya ne, amma 4K ma 15 zuwa 20 yake nema. Wanda ke amfani da ƙaramar mayfai ta aljihu ne kawai wannan hanyar ba ta buɗe masa ba, don yawancinsu ba su da ramin, kuma wayfai ɗinsu bai da nisan zango. Ita sai dai a kawo ta falon a ajiye a taga.

Akwai saiti biyu a cikin rautar da suka cancanci a taɓa, idan jan kebul bai yiwu ba. Rautoci da yawa suna watsa wayfai kala biyu, 2.4 GHz da 5 GHz. Wani lokaci za ka ga na biyun da 5G a ƙarshen sunansa, kuma ba shi da alaƙa da 5G na kamfanonin waya. Mai 5 ya fi gudu, ba shi da cunkoso, amma bango na saurin kashe shi. Mai 2.4 ya fi ratsa bango, sai dai kowa na kansa: rautocin maƙwabta, bulutut, har na'urar ɗumama abinci idan tana aiki. A ɗaki ɗaya ko bayan bango ɗaya, sa talabijin a kan 5. Bayan bango biyu na bulo, 2.4 ne zai fi kai maka. Idan rautar ta haɗe su da suna ɗaya, raba su ka ba kowanne sunansa, don ka san wanda talabijin ta kama. In kuma ba ka ga mai 5 a jerin talabijin ba sam, wasu samfuran 2.4 kaɗai suke gani, ba lalacewa ba ce.

Saiti na biyu shi ne Channel. A kan 2.4, tashoshi uku ne ba sa hawa kan juna: 1 da 6 da 11. Manhajar awon nan za ta nuna maka inda maƙwabta suka taru, sai ka zaɓi wadda ta fi sarari cikin ukun, ka bar Bandwidth a 20 MHz. A gidan haya mai sassa da yawa wannan kan yi tasiri. A gidan da ke shi kaɗai cikin fili, da wuya ka ga bambanci.

Na'urar ƙara zangon wayfai, wadda ake sokawa a soket, ita ce abin da mai shago zai fara miƙo maka. Ba na cewa ba ta aiki, amma ka san halinta. Ba ta ƙirƙirar gudu, abin da ta ji take maimaitawa, kuma mai rediyo ɗaya tana raba lokacinta tsakanin saurare da maimaitawa, don haka kusan rabin gudun ke tafiya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a soka ta kusa da talabijin. Nan za ta nuna maka sanduna cike, fim kuma ya ci gaba da tsayawa, domin raunanniyar siginar nan dai ita take ji. Wurinta tsakiya ne, inda siginar rautar ba ta gaza -65 ba. Idan akwai tsohuwar rauta a gida ta fi ta amfani: a ja mata kebul zuwa falo, a kashe DHCP a cikinta, wato saitin da ke raba wa na'urori adireshi, a ba ta adireshin da bai yi karo da na babbar ba, a soka kebul ɗin a raminta na LAN. Sai falon ya samu wayfai nasa mai ƙarfi, har wayoyin baƙi su amfana.

Saura idan awon ya nuna zangon farko ne. Alamarsa ita ce da asuba ko da hantsi gudun na da kyau, bayan isha'i kuma ya zube, ko kana jikin rauta. Wannan cunkoso ne a turke, jama'ar unguwa duk sun dawo gida sun hau. Babu saitin da zai gyara shi daga ɗakinka. A nan ne gwada wani layi yake da ma'ana, kuma ba sai ka saya ba: ari wayar wanda ke kan wani kamfani, ya kunna Hotspot kusa da talabijin a wannan lokacin, ka ga ko za ta riƙe. Wannan gwajin yana kuma wanke talabijin ɗin, don idan ta yi lafiya a kansa ka san ba ita ba ce. Duba kuma ko tsarin datarka na cikin waɗanda ake rage wa gudu bayan an ci wani adadi, da kuma ko wayoyin yara na sauke abubuwa a daidai lokacin.

Ko da komai ya daidaita, ina ba ka shawara ka sa wa kyan hoton linzami, saboda data. Talabijin mai 4K idan ta samu hanya za ta ja iya ƙarfinta. A lissafin Netflix, saitin High na iya cin gigabait 3 a awa, har 7 idan 4K ne, Medium kuma wajen 0.7. Mai kallon awa 2 kullum a kan gigabait 3 zai ci 180 a wata, a kan Medium kuma 42. Ana canza wannan ta burauza, a Account, ka zaɓi sunanka, sai Playback settings. A allo mai inci 55 Medium zai ɗan nuna laushi, wannan kai za ka auna da aljihunka. A YouTube kuwa alamar saiti za ka danna, sai Quality, ka zaɓi 720p ko 1080p maimakon Auto. Daga kujerar falo 720p ba ya ɓata kallo, kuma megabit 2.5 da yake nema ko cunkoson dare yakan bar maka shi.